Yadda za ka ƙirga takunka a gudu, da lokacin da ya kamata ka taɓa shi

Masu fita tirenin da asuba a Kano, ko a filin sukuwa ne ko gefen titin BUK ko sitadiyam ɗin Ƙofar Mata, kusan kowa ya taɓa jin wani ya ce wai sai kana yin taku 180 a minti ɗaya sannan ka iya gudu, ko kuma wai ka daina sauka a kan dunduniya ka koma kan yatsu numfashinka zai daɗe. Ni abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, canza salon gudu da gangan ba kasafai yake rage haki ba, sau da yawa ma ƙara shi yake yi a makonnin farko. Inda yake da amfani na gaske shi ne wajen mutumin da yake wurga ƙafa gaba da nisa kuma gwiwa tana damunsa. To yadda za ka gane ko kai ne wannan mutumin, da yadda za ka gyara in kai ne, shi zan bi da kai daki-daki.

Saurin gudu abu biyu ne kawai suke haɗa shi, yawan takun da kake yi a minti ɗaya da kuma tsawon kowane taku. Ka ninka wannan da wancan, abin da ya fito shi ne mitocin da kake ci a minti. Ke nan mutum biyu za su iya jerawa kafaɗa da kafaɗa a sauri ɗaya, wannan yana ɗaga ƙafa da sauri takunsa gajere, wancan yana ɗagawa a hankali takunsa dogo. In ka ƙara ɗaya ba ka ƙara sauri ba dole ɗayan ya ragu, wannan lissafin ka riƙe shi domin duk aikin a kansa yake.

Da farko ka san lambarka

Ba sai kana da agogo mai tsada ba. Ka ɗumama jiki kamar minti goma tukuna, don takun minti biyun farko jiki bai saki ba, ba shi ne takunka na gaskiya ba. Sai ka shiga irin saurin da ka saba yin jogin, wanda za ka iya yi wa na kusa da kai magana ba tare da numfashi ya yanke maka ba. Ka kunna agogon waya na sakan 30, ka ƙirga sau nawa ƙafar dama ta taɓa ƙasa, ka ninka da 4. In ka samu 39, takunka 156 ke nan a minti. Ka maimaita sau uku a wurare daban-daban cikin gudun ka ɗauki na tsakiya, saboda da zarar mutum ya san ana ƙirga masa sai ya ɗan ƙara sauri bai sani ba, shi ya sa ma ya fi kyau abokin gudunka ya ƙirga maka ba tare da ya gaya maka lokacin da ya fara ba. Masu agogon gudu kuma ku lura, wasu agogunan ƙafa ɗaya suke ƙirgawa, in ka ga 78 ko 80 a fuskar agogo kar hankalinka ya tashi, ninkawa biyu za ka yi.

Tsawon taku kuma a fili mai zagayen mita 400 ya fi sauƙin aunawa, a layin farko na ciki. Ka yi zagaye ɗaya ka ɗauki lokaci, sannan ka yi lissafi.

Akwai wani matashi a unguwarmu da yake shirin shiga sikirinin ɗin aikin ɗamara, doguwar ƙafa gare shi, kullum kukansa shi ne gaban gwiwa, wajen ƙoƙon nan, musamman in zai sauko daga bene bayan ya dawo daga gudu. Da aka auna shi yana yin zagayen mita 400 a minti 2 da sakan 24, wato kilomita ɗaya a minti 6, takunsa kuma 156. Minti 2 da sakan 24 shi ne 2.4 na minti, ka ninka da 156 za ka samu taku 374 a zagaye. Ka raba 400 da 374, kowane taku mita 1.07 ke nan. Waɗannan lambobi biyun, 156 da 1.07, ba su da ma'ana sai an haɗa su da saurin da aka auna su a kai, don haka duk lokacin da za ka rubuta takunka ka rubuta saurin a gefensa.

Daga ina 180 ɗin ta fito?

Wani kocin Amurka ne, Jack Daniels, ya zauna a gasar Olamfik ta 1984 a Los Angeles yana ƙirga takun 'yan tsere, ya tarar kusan dukkansu suna yin 180 ko fiye. Abin da ya gani gaskiya ne, amma ka duba su waye ya ƙirga kuma a wane hali, gwanayen duniya ne suna tsakiyar tsere da dukkan ƙarfinsu. Kai kuma kana jogin na minti 6 ko 7 a kilomita da asuba kafin ka tafi kasuwa. Yawan taku yana hawa ne tare da sauri, kai kanka in ka ƙirga lokacin da kake kwasa da gudu a mita 200 za ka ga ka wuce 180 ba tare da wani ya koya maka ba. Tsawon mutum ma yana da hannu a ciki, dogo yakan yi taku kaɗan fiye da gajere a sauri ɗaya. An bi takun waɗanda suka zo a sahun gaba a gasar duniya ta kilomita 100 ta 2016, matsakaicinsu ya faɗo kusa da 182, amma a cikinsu akwai mai yin kusan 155 akwai mai yin sama da 200, kuma duk gwanaye ne. To ka ga 180 ba doka ba ce, tsakiyar lambobin mutane masu bambanci ce kawai.

Abu na biyu, ka ga inda ƙafarka take sauka

Lambar ita kaɗai ba ta isa ta ce kana da matsala ba. Ka ba wani waya ya tsaya daga gefe, kamar taku goma daga inda za ka wuce, ya tsuguna ya riƙe wayar daidai tsayin ƙugu, ya ɗauke ka da silo moshan in wayar tana yi. Kar ya ɗauke ka daga gaba ko daga baya, ba za ka ga komai ba. Ka wuce ta gabansa sau biyu ko uku da gudunka na kullum, ba gudun nuna wa kyamara ba.

Sai ka tsayar da bidiyon daidai lokacin da ƙafa ta fara taɓa ƙasa, ka kalli ƙwauri. In ƙwaurin yana tsaye kusan sak, idon sawu yana ƙarƙashin gwiwa, gwiwar kuma ta ɗan lanƙwashe, to lafiya lau kake ko da dunduniya ce ta fara sauka. In kuwa ka ga ƙafar ta miƙe sambal ta yi gaba, gwiwa a miƙe, yatsu suna kallon sama, dunduniya ta caki ƙasa can gaban jiki, wannan shi ne wuce gona da iri a taku. Duk saukar da aka yi a haka ƙasa tana tura mutum baya kafin jikinsa ya haye kan ƙafar, kamar ɗan adaidaita ne da yake murza totur ƙafarsa kuma na kan birki. Gwiwa ce take shanye yawancin wannan dukan. Akwai alamun da ko babu waya za ka gane, takunka yana ƙara tim tim a kan kwalta har na gaba yana waiwayowa, kanka yana sama da ƙasa sosai, in a ƙasa mai rairayi ne kuma za ka ga ramin dunduniya ya nutse fiye da sauran sawun.

A bidiyon matashin nan haka muka gani sak, ƙafa miƙe, yatsu sama. Shi a tunaninsa buɗe ƙafa shi ne gudu, tunda haka yake ganin 'yan Kenya da Habasha a talabijin. Abin da ido ba ya kamawa a talabijin shi ne tsawon takunsu daga baya yake fitowa, daga ƙarfin da suke tura ƙasa da shi har su yi nisa a iska, amma lokacin da ƙafar za ta sauka ta riga ta dawo kusa da ƙarƙashin jiki.

Anan ne za ka yanke shawara, kuma dan Allah kar ka tsallake wajen nan. In ba abin da yake maka ciwo, ƙwaurinka kuma yana sauka a tsaye, ka bar takunka yadda yake ko da 160 ne. Tun 1982 wasu masu bincike biyu, Cavanagh da Williams, suka sa 'yan gudu a kan injin gudu suna auna iskar oksijin da jiki yake ci, suna sa su tsawaita taku ko su gajarta a sauri ɗaya. Abin da ya fito shi ne takun da mutum ya zaɓa da kansa yana kusa ƙwarai da wanda ya fi masa sauƙin numfashi, in ya kauce ta kowane ɓangare cin iskar ƙaruwa yake. Jiki yana yin wannan lissafin da kansa tsawon watanni da shekaru na gudu. A 2005 kuma an ɗauki wasu 'yan wasa aka yi musu mako 12 ana koya musu wani sabon salon gudu da ake kira Pose, na sauka a gaban ƙafa da gajeren taku, a ƙarshe salon ya canza ɗin kamar yadda ake so, amma iskar da suke ci a sauri ɗaya ta ƙaru maimakon ta ragu. Sababbin shiga ne kawai aka fi samu yawan takunsu a minti yana ƙasa da inda ya dace da su da ɗan tazara, su ɗin ƙarin kaɗan zai iya yi musu daɗi.

Amfanin da ya tabbata a gaɓoɓi yake. A 2011 Heiderscheit da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin sun sa masu gudu 45 su ƙara yawan taku da kashi 5 da kuma kashi 10 cikin ɗari ba tare da sun ƙara sauri ba, nauyin da gwiwa take shanyewa a kowane taku ya ragu da kusan kashi 20 a na farko, kusan kashi 34 a na biyu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ƙoƙon gwiwa ya hana shi sakat. Don haka in kana da ciwon gaban gwiwa ko na ƙwauri mai zuwa yana dawowa, bidiyo ya nuna kana wurga ƙafa, lambarka kuma tana can ƙasa wajen 150 da wani abu zuwa 160 da kaɗan, kai ne za ka ci gaba zuwa mataki na gaba.

Yadda ake ƙarawa

Kashi 5 cikin ɗari za ka fara da shi, ba tsalle zuwa 180 ba. Ga matashinmu 156 sau 1.05 ya ba da 164. Da a ce ya bi masu cewa 180, ƙarin sama da kashi 15 ke nan a dare ɗaya, zai dinga tsuma kamar ana korarsa kuma numfashi zai ƙare masa tun kafin kilomita biyu.

Ka sauke manhajar da take buga ƙara a kan lokaci, in ka rubuta `metronome` a wajen sauke manhajoji za ka ga na kyauta da yawa. Ka saita ta a lambarka sabuwa, kowane ƙas ƙafa ɗaya ta sauka. In a gefen titi kake gudu ka sa iyafis a kunne ɗaya kawai ko ka bar wayar tana ƙara a aljihu, masu mota da babur ɗin asuba a garin nan ba sa tsammanin mutum a kan hanya, ga hazo in hunturu ya shigo.

Kuskuren da kusan kowa yake yi a ranar farko shi ne ƙara sauri. Kunne ya ji ƙarar ta yi sauri sai ƙafa ta bi da tsohon tsawon takunta, mutum ya ga yana haki ya ce abin bai yi ba. Lissafi ya nuna dalili, 164 sau 1.07 mita 175 ne a minti maimakon 167 da ya saba, wato ya ƙara gudu ne kawai bai gyara komai ba. Abin da ake so shi ne zagayen ya tsaya a minti 2 da sakan 24 ɗinsa, takun ya gajarce zuwa kamar mita 1.02, zagaye ɗaya ya koma taku 394 maimakon 374. Santimita biyar ne fa kacal aka rage a kowane taku, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, shi ya sa ido ba zai gani ba sai agogo. Don haka makon farko a fili mai zagaye ya fi, ka dinga duba lokaci a kowane rabin zagaye, sakan 72 ya kamata ka gani in saurinka irin nasa ne.

Kar ka yi dukkan gudun da ƙarar. A gudun rabin awa, bayan ɗumama jiki, ka yi minti biyu kana bin ta, minti uku ka kashe ka yi gudunka yadda ya zo, ka maimaita sau huɗu. Mako na biyu ka mai da shi minti huɗu da biyu. Daga mako na uku sai ka juya abin, ka kunna na minti ɗaya don kunne ya kama, ka kashe, bayan minti biyar ka ƙirga da kanka ka ga ko kana nan kusa da lambar. Ranar da ka ƙirga a ƙarshen gudu, lokacin da ka gaji, ka tarar kana 162 ko 164 ba tare da ƙara ba, abin ya zauna. Wasu mako huɗu ya ishe su, wasu sai shida ko takwas.

Game da abin da za ka sa a ranka lokacin gudun, kar ka ce za ka sarrafa yadda tafin ƙafa yake sauka, yin hakan yana sa mutum ya ƙame idon sawu. Ka ce wa kanka a sauka a hankali kar a ji ƙara, ko kuma ka ɗan hanzarta hannuwa, gwiwar hannu tana komawa baya da gajeren lilo, ƙafa tana bin hannu da kanta. Ka tsaya a miƙe, kar ka karye daga ƙugu.

Za ka ji abin wani iri a farko kamar kana sassarfa, bugun zuciya ma zai iya ɗan hawa, wannan ba komai. Abin da za ka sa wa ido shi ne sha-raɓa da agarar da take bayan idon sawu. Nauyi ba ɓacewa yake ba, wuri yake canzawa, kuma mutane da yawa in sun gajarta taku sai su zame su koma sauka a kan yatsu ba su sani ba. Tsamin sha-raɓa na kwana ɗaya ko biyu ana samu. Amma in ka tashi da safe agarar ta ƙage har takun farko zuwa banɗaki yana maka zafi, ko wani wuri guda a saman ƙafa ko a ƙashin ƙwauri yana zafi in ka danna da yatsa ɗaya, ka tsaya, ka huta, in bai lafa ba cikin 'yan kwanaki ka je a duba ka a asibiti wajen likitan ƙashi ko masu gashin ƙashi, domin ƙashi yana iya yin ƙaramin tsagewa daga yawan duka.

Maganar dunduniya kuwa ba sai na ja ta ba. A rabin marato na Sapporo da ke Japan an ɗauki hoton gwanaye a kilomita na 15, kusan kashi uku cikin huɗu da dunduniya suke sauka. A gasar duniya ta Landan a 2017 ma yawancin 'yan marato haka suke, har da mazan da suka zo na ɗaya zuwa na huɗu. Sauka a gaban ƙafa yana sauƙaƙa wa gwiwa ya ɗora wa agara da sha-raɓa, musanye ne kawai. Wanda ya saba da kambas mai kauri a dunduniya ya tashi rana ɗaya ya koma gudun yatsu a kan kwalta, agara yake nema wa ciwo.

Ta yaya za ka san ya yi aiki?

Bayan mako shida ka sake bidiyo daga wuri ɗaya a sauri ɗaya, ka ga ko ƙwauri ya miƙe tsaye. Ka tambayi gwiwarka, saukowa daga bene ya yi sauƙi? Na numfashi kuma ka yi zagaye huɗu a tsohon saurinka, da ka tsaya ka ɗora yatsu biyu a wuya ka ƙirga bugu na sakan 15 ka ninka da 4, ka kwatanta da wanda ka auna kafin ka fara, wato ka tabbata ka auna tun ranar farko. Sai dai a Kano wannan awon yana da tarko, zafi kaɗai yana ɗaga bugun zuciya, in ka yi awon farko a sanyin Janairu na biyu kuma a tsakiyar Afrilu, yanayi ka auna ba taku ba. Haka in kana azumi ko ba ka yi barci ba. A yi su a lokaci ɗaya na safiya, cikin yanayi mai kama da juna. In bugun ya tsaya inda yake ciwo kuma ya ragu, ka ci riba, abin da aka fito nema ke nan. In ya hau da yawa ya ƙi sauka bayan wata biyu kuma ba wani sauƙi a gwiwa, ka koma takunka na da, ba naka ba ne.

Matashin nan a 164 ya tsaya, ba mu kai shi 172 ba duk da cewa shi ne kashi 10, tunda gwiwar ta yi shiru ba dalilin ƙarawa. Abin da ya rage masa shi ne sauri, don sikirinin lokaci ake dubawa. Idan yana so ya koma minti 5 a kilomita, mita 200 ke nan a minti, ko takunsa ya hau 168 sai kowane taku ya kai mita 1.19, ya fi tsohon nasa na 1.07 tsawo nesa ba kusa ba. Ka ga gajarta taku ba ita ce makoma ba, takun zai sake tsawo, amma wannan karon ta hanyar tura ƙasa daga baya. Wannan ƙarfin daga wuri uku yake zuwa. Na farko yawan gudu mai sauƙi mako bayan mako ba yankewa, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Na biyu, sau biyu a mako bayan jogin a yi gajeren gudu mai sauri na sakan 15 zuwa 20, sau huɗu zuwa shida, jiki a sake ba a kai ƙarshen ƙarfi ba, a dawo da tafiya tsakaninsu. In an samu ɗan hawa kamar gindin Goron Dutse ya fi, saboda a kan tudu ba yadda za a yi mutum ya wurga ƙafa gaba, ƙasar ce take tarar ƙafar da wuri, amma saukowa a yi ta da tafiya don gangara ce ta fi cin gwiwa. Na uku ƙarfafa ƙafa, tsuguno da nauyi, hawa dakali da ƙafa ɗaya, ɗaga dunduniya a bakin matakala, sau biyu a mako. Ɗaga nauyi da tsalle-tsalle suna cikin 'yan abubuwan da bincike ya sha nuna suna rage iskar da mai gudu yake ci a sauri ɗaya, amma sai an yi wata biyu zuwa uku ana yi kafin a gani, don haka mai shirin sikirinin ya fara su tun da sauran lokaci, kuma kar ya haɗa ranar ɗaga nauyi mai tsanani da ranar gudun sauri a makonnin farko.